Me ya sa ƙananan 'yan foreks ke ƙarewa hannu wofi? Muhawara daga zauren 'yan kasuwar Arewacin Kamaru da Chadi

Nafi'u Garwa: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Ina da sefa dubu 60 da na tara daga gyaran waya, ina son in fara foreks da su, wato cinikin hawa da saukar farashin kuɗaɗen ƙasashe ta intanet. Wani a nan Garwa ya ce in biya shi dubu 15 ya sa ni a zaurensa na sigina, inda yake faɗa wa mutane lokacin saye da sayarwa, wai a wata ɗaya kuɗin zai ninka. Amma kusan duk wanda na sani da ya shiga, bayan 'yan watanni sai in ji ya daina maganar. Ina son masu sani su faɗa mini gaskiya: ina kuɗin nan ke tafiya?

Abba Marwa: Wa alaikumus salam ƙane. Ragwaye ne ke asara. Ba sa karatun taswirar farashi, ba su da haƙuri, sai su zo suna ɓata wa sana'a suna. Ka koyi dabara ɗaya ka riƙe ta, shi ke nan.

Alhaji Sale mai canji, Kusseri: Ni tun kafin a karya darajar sefa a 1994 nake canji, ban taɓa wayar gari jarina ya ɓace ba. Naira ta faɗi a hannuna ba sau ɗaya ba, na yi asara, amma kuɗin suna nan a jaka ina ƙirga su. To wannan canjin naku na waya wane iri ne da mutum zai kwana da kuɗi ya tashi babu? Ko dai ɓarayi ne kawai?

Malam Bashir, Ngaundere: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Tambayarka ita ce ƙashin bayan zancen, zan dawo kanta. Amma Abba, bari mu fara da kai, domin maganar ragwanci ba ta isa ba. Hukumar kula da kasuwar kuɗi ta Faransa, AMF, ta fitar da bincike a 2014. Ta bi asusun mutane kusan dubu 15 na tsawon shekara huɗu, daga 2009 zuwa 2012, a wurin dillalai masu lasisi, ba na bogi ba. Kusan kashi 89 cikin ɗari sun yi asara, kuma matsakaicin abin da mutum ɗaya ya rasa ya kusa yuro dubu 11. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a ciki: waɗanda suka fi yawan shiga da fita, da waɗanda suka daɗe suna yi, asararsu ƙaruwa ta yi, ba raguwa ba. A 2018 hukumar Tarayyar Turai, ESMA, ta ce tsakanin kashi 74 zuwa 89 na ƙananan asusu asara suke yi, har ta tilasta wa dillalai su rubuta adadin masu asararsu a fuskar tallansu. Duk mutanen nan ba za su zama ragwaye ba.

Abba Marwa: To Malam ai ka ga akwai kashi 11 da suka ci. Ni cikin su nake son in kasance.

Malam Bashir: Allah ya sa. Kowa da ya buɗe asusu haka ya ce.

Sani Kusseri: Ni ba sai an je Faransa ba. Dillalin ne ɓarawo, na gani da idona. Nima dubu 60 na zuba ta wayata, suka zama kamar dala 100 na Amurka. Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ga `EUR/USD`, wato farashin yuro a dala, yana hawa, na danna `Buy`. Ya ɗan sauka, na ƙara. Ya ƙara sauka, na sake ƙarawa, don na tabbata zai dawo. Kafin in shanye shayin da ke hannuna an rufe mini komai, saura dala 30 da 'yan kai. Kuma wallahi kafin la'asar farashin ya koma sama, ya wuce inda na saya. Wato hasashena daidai ne, su ne suka fitar da ni da gangan.

Malam Bashir: Sani, buɗe `History` a manhajar cinikinka ta MT5 ka faɗa mana lambar da ke gefen kowace shiga. Kuma leberej nawa suka ba ka?

Sani Kusseri: `0.10` ce sau uku. Leberej `1:500`.

Malam Bashir: Madalla, yanzu muna da abin lissafi. Nafi'u, ka bi a hankali, domin jarinka da nasa ɗaya ne.

Lot ɗaya cikakke a `EUR/USD` yuro dubu 100 ne. Saboda haka `0.10` yuro dubu 10 ne, uku kuma yuro dubu 30. Mu a nan lissafin yuro ba ya ba mu wahala, tunda sefarmu a ɗaure take da shi, yuro ɗaya 655.957. Yuro dubu 30 ya haura sefa miliyan 19 da rabi. Sani, abin da ka riƙe a ranar ke nan: hajar sama da miliyan 19 a kan jarin dubu 60.

Yaya aka yi suka bar ka? Leberej. Da `1:500` dillali yana riƙe kashi ɗaya cikin ɗari biyar na darajar cinikin a matsayin jingina. Mu ɗauka yuro yana dala 1.08 a lokacin, to yuro dubu 30 dala 32,400 ne, jinginarsa kusan dala 65. Kana da 100, sai allo ya nuna maka kana da sauran fili.

Yanzu motsin farashi. Lamba ta huɗu bayan ɗigo ita ake ce wa pip, wato daga 1.0800 zuwa 1.0801. A `0.10` kowane pip dala ɗaya ne, riba ko asara. Kai kana da uku, dala uku ke nan a kowane pip. Dillalai da yawa suna fara rufe maka ciniki da kansu idan abin da ya rage a asusunka ya sauko rabin jinginar, wasu sai ya yi ƙasa da haka. Rabin 65 kusan 32 ne. Daga 100 zuwa 32 dala 68 ne, raba uku, pip 22 ko 23. Iyakar numfashin da kake da shi ke nan, in an auna daga matsakaicin farashin shigarka. Shi kuwa `EUR/USD` a rana ta yau da kullum, ba labari ba tashin hankali, yana iya kai da komowa pip 50 zuwa 80. Ba sai wani ya farauce ka ba. Hasashenka na inda farashi zai je ya yi daidai, amma ba ka da kuɗin da zai kai ka can.

Sani Kusseri: Amma saurin da ya yi fa? Kamar an ja shi da igiya.

Malam Bashir: Juma'ar farko ce ta wata?

Sani Kusseri: Ina jin haka, don albashi bai daɗe da shiga ba.

Malam Bashir: To yawanci a Juma'ar farko Amurka ke fitar da rahoton ayyukan yi, wanda za ka gani a kalanda an rubuta `NFP`. Ƙarfe 8:30 na safe a New York, mu nan 1:30 na rana ko 2:30, ya danganta da lokacin shekara. A mintocin nan farashi yana iya tsallake pip 30 ko 40 ya dawo. Ka shiga daidai lokacin da manyan bankuna ke kokawa.

Alhaji, ga amsarka. Kai idan kana da naira ta miliyan ɗaya a hannu, ta faɗi da kashi biyu cikin ɗari, ka rasa kashi biyu, takardun suna nan, kana iya jira. Sani yana riƙe da abin da ya ninka jarinsa sau ɗari uku da wani abu. Motsin da bai kai rubu'in kashi ɗaya cikin ɗari ba ya cinye masa kashi biyu bisa uku na kuɗinsa, kuma ba a ba shi damar jira ba.

Alhaji Sale: La ilaha illallahu. Wato yaro ya ɗauki buhun da ya fi ƙarfin jakinsa, ya ce hanya ce ba kyau. Yanzu na gane. Amma wa ya ba shi bashin miliyan 19 ba shaida ba mai tsaya masa?

Malam Bashir: Ba wanda ya miƙa masa ko sisi, Alhaji. Babu yuro da ya taɓa zama nasa. Yarjejeniya ce tsakaninsa da dillali a kan bambancin farashi: in ya hau a biya shi, in ya sauka ya biya.

Abba Marwa: Ai na faɗa, rashin ilimi ne. Da ya sa `Stop Loss`, wato farashin da za a rufe masa ciniki in asara ta kai can, da bai kai haka ba. Amma ni ma ina tare da Sani a abu ɗaya, dillalai suna farautar `Stop Loss`. Akwai daren da na yi `Sell`, layin farashi bai taɓa inda na sa ba, ina kallo, amma aka rufe ni.

Malam Bashir: Wajen ƙarfe nawa?

Abba Marwa: Goma ko sha ɗaya na dare.

Malam Bashir: Ga abin da ya fi yiwuwa. Farashi biyu ne kullum, `Bid` da `Ask`, kamar yadda Alhaji ke da farashin saye da na sayarwa. Layin da MT4 da MT5 ke zana maka na `Bid` ne, amma cinikin `Sell` da `Ask` ake rufe shi. Ƙarfe biyar na yamma a New York, wato goma ko sha ɗaya na dare a nan, ranar ciniki ke juyawa, masu saye da sayarwa su yi ƙaranci, tazarar da ke tsakanin farashin biyu ta buɗe, daga pip ɗaya da rabi ta koma biyar, goma, ko fiye. `Ask` ya taɓa wurinka alhali layin da kake kallo bai je ba. Ka shiga saitin taswirar ka kunna layin `Ask`, ka zauna ka kalle shi a wannan sa'ar, za ka gani da kanka.

Ba ina wanke dillalai ba ne. Da yawansu ba sa kai cinikin ƙaramin mutum kasuwa, su ne ke tsaye a ɗaya ɓangaren, asararka ribarsu ce. Shi ya sa ba a banza suke ba ka `1:500` da kyautar ajiya ba. A Turai tun 2018 an taƙaita leberej ɗin ƙaramin ɗan kasuwa zuwa `1:30` a manyan kuɗaɗe. Da Sani yana ƙarƙashin wannan doka, dala 100 ba za ta buɗe masa `0.10` ko guda ba, iyakarsa `0.02`. Masu ba mu 500 da 1000 yawanci a wasu tsibirai suka yi rajista, inda ba ruwan kowa. Mu hukumar yankinmu COSUMAF ce, tana Libreville. Wanda ba ya ƙarƙashinta, in ya hana ka kuɗinka, wa za ka kai wa ƙara daga Kusseri?

Maman Ummi, Njamena: Ku yi haƙuri in shigo. Ni ba na yi, amma ƙanena yana yi, kuma kullum sai ya sa hoton riba shuɗi-shuɗi a sitatus. Ya ce a ciniki goma yana cin bakwai. To me ya sa har yanzu ni yake roƙo kuɗin data?

Abba Marwa: Hhhh Maman Ummi kin tona asiri.

Malam Bashir: Yana iya yiwuwa gaskiya yake faɗa, Hajiya, bakwai cikin goma ɗin. Tambaye shi nawa yake ci, nawa yake rasawa. Halin ɗan Adam ne: in ya ga riba kaɗan sai ya yi maza ya rufe kada ta gudu, in ya ga asara sai ya bar ta yana addu'a ta juyo. A ce ya ci pip 10 sau bakwai, 70 ke nan. Ya rasa pip 40 sau uku, 120. Hotuna bakwai sun hau sitatus, asusu ya ragu da 50.

Sannan ga kuɗin da ba a jin fitarsa. Duk shiga ɗaya kana biyan tazarar nan. Pip ɗaya da rabi a `0.10` dala ɗaya da rabi ce. Mai shiga sau goma a rana ya biya dala 15, a kan jarin 100. Ko da cinsa da faɗuwarsa sun zo kunnen doki, a mako ɗaya na ciniki kashi uku bisa huɗu na jarin ya koma wurin dillali.

Maman Ummi: Zan karɓi wayar in duba da kaina. Ina zan taɓa?

Malam Bashir: `History`, ki zaɓi duk tsawon lokacin, ba na yau ba. Ki dubi `Deposit` da `Withdrawal` da `Balance`. Abin da ya cire haɗe da abin da ya rage, ki debe abin da ya zuba. Sauran duk ado ne.

Nafi'u Garwa: Malam na gode. To in na kiyaye duk wannan, na yi da ƙaramin lot, ai dubu 60 ɗina za su iya aiki ko?

Malam Bashir: Nan ne wurin da masu sayar da sigina ba sa son a tsaya. Mu yi lissafin mai hankali. Masu daɗewa a harkar ba sa yarda ciniki ɗaya ya ci musu fiye da kashi ɗaya ko biyu na jari. A dala 100, dala ɗaya ko biyu ke nan. Mafi ƙanƙantar lot a asusu na yau da kullum `0.01` ne, pip ɗaya santi 10. Ka sa `Stop Loss` a nisan pip 20, in ya taɓa ka rasa dala biyu. Ka ga tun a mafi ƙanƙantar lot ka riga ka kai iyaka. Da haka ko ka faɗi sau goma a jere, wanda yana faruwa, kana da sauran kusan 80.

To riba fa? A ce ka ƙware har kana samun kashi biyar cikin ɗari a wata, kuma ka sani wanda zai iya riƙe wannan wata bayan wata manyan kamfanoni za su yi rububinsa. Kashi biyar na dubu 60 sefa dubu uku ne. Cire data, cire kuɗin turawa da cirewa. Screen ɗin waya nawa za ka canza ka samu dubu uku?

Tarkon ke nan. Ƙaramin jari in an bi shi da hankali, ribarsa ba ta kai ta cefane ba. Mutum ya ga haka ya ce bari in ɗaga lot, sai ya koma lissafin Sani. Ba wauta ce ke kai yawancinsu ba, buƙata ce: suna son dubu 60 ta yi aikin albashi. Kuma in rabin jari ya tafi, ba kashi 50 kake nema ka dawo ba, sai ka ninka abin da ya rage. A nan ne mutum ke fara ramuwar gayya da lot mafi girma.

Abba Marwa: A nan ban yarda ba Malam. Akwai waɗanda suka fara da dala 50 suka kai dubbai. Na san wani a Marwa.

Malam Bashir: Ban musa ba. In mutum dubu suka shiga da babban lot, dole wasu kaɗan su ninka sau da yawa a jere, su ne za mu ji labarinsu. Ka ce ya nuna maka tarihin shekara guda cikakke da abin da ya cire. In ya nuna, ka kawo nan mu duba tare, ni ma in ƙaru.

Abba Marwa: Zan tambaye shi. Amma shi yanzu koyarwa ya fi mayar da hankali a kai.

Alhaji Sale: To.

Ustaz Hamisu, Garwa: Kuna ta lissafi, ba wanda ya tambayi halaccin abin. Musayar kuɗi da kuɗi sharaɗinta hannu da hannu. Malam Bashir da bakinsa ya ce babu yuro da ya zama na Sani. Ga kuɗin kwana da ake cirewa in ciniki ya kai gobe. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta yi zama a 2006 ta hana ciniki da irin wannan jingina.

Abba Marwa: Akaramakallahu akwai asusun Musulunci, ba a cire kuɗin kwana.

Ustaz Hamisu: An cire abu ɗaya, saura biyu. Kuma wasu dillalan suna dawo da shi da sunan kuɗin hidima bayan 'yan kwanaki. Ka karanta sharuɗɗan naka.

Abba Marwa: Akwai malaman da suka sassauta. Zan nemo karatun in turo.

Maman Ummi: Ni dai na duba. Abin da ya zuba ya ninka abin da ya cire kusan sau huɗu. Ya ce wai kuɗin makaranta ne ya biya wa kasuwa.

Nafi'u Garwa: To Malam, a taƙaice in bari ke nan?

Malam Bashir: Ba ni zan yanke maka ba, kuma maganar Ustaz ka kai ta gaban malaminka tukuna. In da ƙanena ne kai, dubu 60 su tafi kayan gyara. In kana son sanin ko kana da hannu a abin, buɗe demo, wato asusun gwaji, amma kada ka karɓi dala dubu 10 na wasa da suke bayarwa, ka sa 100 daidai da abin da kake da shi. Lot `0.01`, `Stop Loss` a kowace shiga, kuma kada ka matsar da shi in farashi ya nufo shi. Ka rubuta kowane ciniki a littafi, dalilin shiga da abin da ya fito, har su kai ɗari. Sannan ka duba abu biyu: jimillar cinka da jimillar asararka. In asarar ta fi girma, ka samu amsa ba ka biya ko dala ba. In ka ci, ka sani demo ba ta da bugun zuciya, kuɗin gaske wani abu ne daban. Akwai asusun santi, inda dala 10 ke bayyana kamar 1000, a nan ake gwada zuciya da kuɗi kaɗan.

Kuma `Stop Loss` ma ba katanga ba ce. Ranar 15 ga Janairun 2015 babban bankin Suwizalan ya saki kuɗinsa daga iyakar 1.20 da ya ɗaure shi da yuro, ba sanarwa. Farashi ya tsallake wuraren da mutane suka sa, wasu suka tashi dillali na bin su bashi, wasu dillalan kansu suka durƙushe.

Mai siginar nan kuma, ka tambaye shi ko hanyar rajistar da zai turo maka tasa ce. Yawancinsu dillali na biyansu kamasho a kan kowane lot da ka buɗe, ka ci ko ka faɗi.

Nafi'u Garwa: Ya riga ya turo mini, ya ce lallai sai ta nan zan yi rajista in ba haka ba ba zai sa ni a zauren ba.

Sani Kusseri: Nima ta hanyar wani na shiga. Shi ne ma ya ce `0.01` ɓata lokaci ne. Amma har yanzu Malam ban gamsu cewa ba su ga wurina ba ranar nan. Zan ɗauko farashin wani dillalin na wannan sa'ar in gwada da nawa.

Malam Bashir: Yi haka, ka sa taswirar a minti ɗaya, `M1`. In bambancin ya wuce pip biyu ko uku, turo hotunan biyu nan.